Ki gode wa Gwaggo, amma kar ki rantse atamfar ta yi miki

Akwai wata ƙarya da muke yi kullum wadda ba ma sa ta a lissafin ƙarya, har gani muke ai cikin tarbiyya take. A aiko miki da abu, ki buɗe leda gabanki ya faɗi, ki ce a ranki yanzu wannan ina zan kai shi, amma kafin ɗan aike ya kai bakin titi kin riga kin danna waya kina cewa wayyo Allah kamar kin shiga zuciyata, wallahi irin wanda nake nema ke nan. Ni na yi, ba sau ɗaya ba, kuma na sha wuyarta, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Abin da nake gani shi ne, godiya dole ce, ko abin ya yi miki ko bai yi miki ba, wannan ba a ma tattauna shi. Amma yabon kayan ba dole ba ne. Abu biyu ne daban da muka cakuɗa su, kuma waya ce ta ƙara cakuɗa mana su. Za ki iya cika saƙo taf da godiya ta gaskiya, mai kyauta ta ji daɗi har ranta, ba tare da kin furta kalma ɗaya ta ƙarya a kan abin da ta ba ki ba.

Bari in ba da nawa labarin. Wata shekara ana saura kamar kwana goma ƙaramar salla, Gwaggo, yayar babanmu, ta aiko jikanta da turmin atamfa. Yadi shida cif, ruwan goro da kore shar, ga wasu manyan furanni kowanne ya kai faranti. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san kala mai sanyi nake sawa, ruwan toka, ruwan ƙasa, in na yi ƙoƙari shuɗi mai duhu. Kuma atamfar ba ta banza ba ce fa, mai nauyi ce, kana taɓawa ka san an kashe kuɗi, kawai dai ni ce ba ta yi wa ba. Tsohuwar nan da azumi a bakinta da ciwon gwiwarta ta shiga Kantin Kwari ta zaɓo.

Sai na ɗauki waya na yi mata saƙon murya na kusan minti biyu. Na ce Gwaggo wallahi kin iya zaɓe, na ce wannan kalar ita nake mutuwar so, na ce duk cikin kayan sallata babu kamarta. Na ajiye waya na tura atamfar can ƙasan sif ina ganin an wuce wurin.

Ina! Bayan kwana uku ta kira, 'yar nan an kai wa tela kuwa? Ranar salla ki turo min hoto. To kin ga yanzu ƙarya ta fara cin kuɗi, don tela a goman ƙarshe na azumi kowa ya san yadda suke, sai da na biya kuɗin gaggawa aka ɗinka min riga da zani da ban da niyyar sawa. Na sa na minti ashirin, aka ɗauki hoto a tsakar gida, na tura, na cire. Ita kuma ta ɗora hoton a guruf ɗin dangi. Babbar salla na zuwa sai ga wani turmin, shi ma ruwan goro, wannan karon da ja. Da na haihu kuwa, ranar suna, turmi huɗu na samu daga ɓangaren dangin babanmu kuma uku a ciki ruwan goro ne, saboda Gwaggo ta bi kowa ta gaya masa wance ba ta da kala sai ruwan goro. Wa zan kama? Ni na faɗa da bakina, har da rantsuwa, kuma cikin azumi. Ramin ƙarya ƙurarre ne aka ce, nawa ramin dai da atamfa aka cike shi.

Abin da ya fi damuna ba ma sif ɗin da ya cika ba, kuɗin mutane ne. Waɗannan matan ba masu hali ba ne can, kowacce ta matse ta sayo abin da take ganin zai faranta min, kuma ni na ɓatar da su. Mutane suna cewa ai ƙaryar kara ce, ba ta cutar da kowa. Tana cutarwa mana, mai kyautar take cutarwa, don ita ce za ta ci gaba da zuba kuɗinta a inda ba a so.

Daga baya na zauna ina tuna yadda iyayenmu suke godiya, sai na ga ashe su tuntuni sun warware wannan matsalar, mu ne muka dawo da ita. Ki saurari tsohuwa in an kawo mata abu. Kai, harda ɗawainiya? An gode, an gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya bar zumunci, Allah ya mayar da ninkin ba ninki, yadda kika tuna da ni Allah ya tuna da ke, Allah ya ba ki masu yi miki. Za ta yi minti biyar tana jero su. Ki duba da kyau, a ciki ina ta ce abin ya yi mata kyau? Babu. Duk maganar a kan mutum take, da wahalar da ya sha, da addu'a. Sau da yawa ma ba a buɗe ƙunshin a gaban wanda ya kawo, a karɓa da hannu biyu a ajiye gefe, sai ya tafi a duba. Wannan kawaicin ba na banza ba ne, yana rufa wa kowa asiri, mai bayarwa ba a auna kyautarsa a idonsa ba, mai karɓa kuma fuskarsa ba ta tona shi ba, tunda labarin zuciya a tambayi fuska.

Yanzu kuwa abu na isowa za ki ga saƙo ya shigo, kin gani? ya yi miki? ɗauko min hoto. Kuma ana ganin alamar kin karanta, ba damar ki ce ban gani ba. Shi ya sa muke rikicewa mu zuba yabon da bai kai zuci ba, mu bi shi da zuciyoyi ja guda goma.

A addinance ma in aka duba, abin da aka nema a wurinmu godiya ce da addu'a da ramawa. Hadisin da kowa ya haddace, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Da wanda Tirmizi ya ruwaito cewa duk wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai alherin jazakallahu khairan to ya kai maƙura wajen yabo. Ya kai maƙura fa aka ce, ba a ce sai ya ƙara da wallahi ina son kalar ba. Amma wanda ya fi zauna min shi ne labarin damo, yana cikin Bukhari. Ummu Hufaid, 'yar'uwar Nana Maimuna, ta kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyautar cuku da man shanu da damo. Ya ci cukun da man, ya bar damon. A ruwayar Khalid bin Walid, da ya ga ya janye hannu sai ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanena, sai nake jin raina ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Kin ga bai kushe ba, bai ce wa mai kyautar me ya sa kika kawo wannan ba, kuma bai yi kamar yana so ba. Ya ɗauki abin da zai iya, ya bar saura, da aka tambaye shi ya danganta abin ga kansa da sabonsa, bai ɗora wa kyautar laifi ba. Ni a nan na samu hanyata.

To in da yau ne Gwaggo ta aiko da atamfar nan, ga yadda zan yi, kuma haka nake yi yanzu da duk abin da ya zo. Farko ɗan aike ba zai fita hannu rabbana ba, zan ba shi tukwici daidai da wanda zan bayar in da abin ya burge ni, don yaro zai koma ya faɗa, kuma tsofaffi da tukwici suke gane yadda aka karɓi saƙonsu, ba a banza aka ce yaba kyauta tukwici ba. Sannan ba zan bari ta kwana ba. Jinkiri shi ne yake fara tona mutum, abin da kike so ai ko mayafi ba kya cirewa kike kiran waya, in kika yi kwana biyu shiru an riga an gane. Kuma babba ba a tura masa rubutu a zauna, kira ake yi, in gari ɗaya kuke ma ki sa ƙafa. Rubutun na biyo baya ne, kamar haka:

"Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ya ibada, ya ƙafar? Saƙo ya iso, na ga atamfa turmi guda. Gwaggo harda wannan ɗawainiya, da azumi da ciwon ƙafa kika shiga kasuwa saboda ni? Wallahi na ji daɗin yadda kike tunawa da ni duk shekara. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya bar mana ku. Na gaya wa Baba shi ma zai kira ya taya ni godiya."

Ki karanta shi sau biyu ki nemo min ƙarya. Na ambaci abin da sunansa don ta san ya iso cif ba a taɓa ba, wannan yana da muhimmanci in da aike aka kawo. Na ambaci wahalar da ta sha, wadda gaskiya ce. Wallahin da na yi a kan jin daɗin tunawa da ni ne, kuma har ga Allah na ji daɗin. Sannan na sa babba ya taya ni godiya, wanda a wurin tsohuwa ya fi mata yabon atamfa sau goma, don ƙaninta zai kira ya ce Yaya an ga abin arziki. Washegari ko in mun haɗu in sake cewa an gode da ɗawainiyar rannan. Godiya ta biyu ita ce take nuna ba ta baki ba ce kawai.

Kuskuren da wasu ke yi in sun ce su ba za su yi ƙarya ba, sai su koma ɗaya gefen, su tura "na gani na gode" shi ke nan, ko ma su manna ɗan hoton hannu biyu a haɗe su yi gaba. Wannan ba gaskiya ba ce, rowa ce da rashin kara. Tsawon saƙonki bai kamata ya ragu don abin bai yi miki ba, wurin da za ki sa yabon kaya sai ki cike shi da mutum da addu'a.

Akwai kuma masu dabara, su ce ai sai ki yi magana mai harshen damo, ki ce kai wannan kala ba a ganin irinta ko'ina, ko ki ce wannan ai sai ke Gwaggo. Ni ban cika son wannan ba. In ta gane, ta ji kin yi mata ba'a, ya fi ƙaryar ciwo. In ba ta gane ba, ta ɗauka yabo ne, kin koma gidan jiya, turmi na biyu na nan tafe. In akwai abin da yake da kyau da gaske a jikin kayan ki faɗe shi kai tsaye, atamfar nan mai nauyi ce Gwaggo, ba irin mai zuba ba ce. Gaskiya ne, kuma yabon idonta ne a kan inganci, ba alƙawari ba ne cewa kina son kalar.

Inda abin yake da wuya shi ne in aka tsare ki da tambaya, ya yi miki? A nan kam ya danganta da wa ke tambaya. In tsohuwa ce wadda sau ɗaya a shekara take ba ki abu, ki ce Gwaggo abin da ya fito daga hannunki ai albarka ne, ki wuce, yawanci ba bincike take ba, so take ta ji kin karɓa hannu biyu. In ta sake matsawa, ko kika ga abin zai zama na kullum, sai ki yi irin ta labarin damo, ki mayar da abin kanki cikin wasa, Gwaggo kin san ni da tsoron kala mai haske, kullum cikin ruwan toka nake kamar kurciya. Za ta yi dariya ta zage ki, amma ta ji. In ƙawarki ce ta ƙut da ƙut kuwa, wadda kuke cin tuwo kwano ɗaya, ban ga dalilin ɓoye mata ba, ki gode mata sannan ki ce ke kin san ba na sa wannan, zo mu je a canza. Ƙawar da ba za ta iya ɗaukar wannan ba, da ma akwai sauran magana a tsakaninku.

Na san za a kawo min hadisin Ummu Kulsum da ke cikin Muslim, inda aka yi rangwame a wuri uku, yaƙi, da sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da matarsa. To na yarda, in maigida ya shigo da mayafi yana washe baki ki ce ya yi kyau, ba ni da ta cewa, tsakaninku ne. Amma Gwaggo ba mijinki ba ce kuma ba faɗa kuke ba balle a ce sulhu ake. Shi ma maigidan in kika biye masa, shekara goma za ki yi kina yafa abin da ba kya so, tunda a gida ɗaya kuke ba inda za ki ɓoye shi.

Sannan akwai kyautar da ba maganar so ko ƙi ba ce, ba za ta yi amfani ba ne kwata-kwata, wannan kam shiru a kanta zalunci ne. Takalmi lamba 38 ke kuma 41 kike sawa, ki faɗa a ranar, tun mai shago bai manta fuskar wanda ya saya ba, ana iya canzawa, in kika bar shi sati biyu ya zama asara. Ko turaren wuta, wata maƙwabciyata ta taɓa kawo min kwalba guda mai kyau, ni kuma yarinyata tana da asma, hayaƙi kaɗan sai ƙirji ya kama. In na ce mata ai kullum shi nake turarawa, gobe ta ƙaro, ko ta shigo da kasko ta turara min ɗaki don ta kyauta min. Na gode mata sosai, na gaya mata dalili, na ce zan kai wa Mama don ita ma'abociyar turare ce, ta ce ai ba komai, Allah ya ba yarinya lafiya. Ko Sa'abu bin Jassama da ya kawo wa Annabi kyautar jakin dawa, Annabi ya mayar masa, da ya ga yadda fuskarsa ta canza nan take ya gaya masa dalili, ba don komai muka mayar maka ba sai don muna cikin harami. Mutum yana iya haƙura da a ce abinsa bai yi amfani ba in an gaya masa dalili, abin da ba ya mantawa shi ne ya gano da kansa daga baya.

Wannan ya kawo ni ga maganar bayar da kyautar ga wani. Halal ne, tunda an ba ki ya zama naki. Amma a yi da hankali. Atamfa ba sabulu ba ce da za a wanke ta ƙare, tafiya take, biki take zuwa. Kar ki ba wa wadda ke cikin dangi ɗaya ko unguwa ɗaya da mai kyautar, in ba haka ba wata rana a gidan suna Gwaggo za ta ga furanninta a jikin wata. Kuma don Allah ki zazzage ledar tukuna, masu kawo gudunmawa suna yawan saƙala 'yar takarda da sunansu a cikin ninkin, ko su rubuta a jikin leda. Sannan ranar da abin ya zagayo, bikin 'yarta ko sunan jikarta, da kimar abin da ta kawo za ki rama ba da yadda ya yi miki ba. Turmi mai nauyi ta kawo, turmi mai nauyi za ki kai, littafin biki ba ya rubuta ko kala ta burge amarya.

Ni dai tawa da Gwaggo sai da aka shekara uku kafin na iya warware ta. Na je gaishe ta da azumi, muna zaune a tabarma tana tsinke zogale, ta ce bana ma na sa a ajiye miki irin taki. Na ce Gwaggo in faɗa miki gaskiya ba za ki yi fushi ba? Ni fa ruwan goro tsoro yake ba ni, kunyarki ce ta sa na ce ina so. Ta ajiye tiren ta dube ni ta kai minti guda, sannan ta ce amma ke dai an yi 'yar banza, ni da nake ta mamakin yarinya fara sol kamar ke me ta gani a kalar 'yan talla, nake ta saye don ke kika ce. Ashe ita ma ba ta so, ta farkon ma mai shago ne ya cusa mata wai ita 'yan mata ke yayi. Ta ce tashi ki miƙo min waya in kira shi kar ya yanka, wace kalar kike so? Na ce ruwan toka. Ta ce ruwan toka kamar mai takaba, Allah ya shirye ki, ta kara waya a kunne.